Wasiƙar Koke Kan Wayar da Ta Lalace Cikin Garanti: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya sayi sabuwar waya a kwalinta, ta soma ba shi matsala kafin garantinta ya ƙare, yakan koma shagon da ya saya ya yi bayani da baki, a ce masa ya dawo jibi, jibi ta zama mako, mako ya zama wata, har lokacin da yake da ƙarfin neman canji ya wuce. Amsoshin da ke ƙasa sun shafi yadda ake rubuta wa mai sayarwa wasiƙar koke ana neman ya canza wayar da wata sabuwa. An gina su a kan dokar Najeriya da yadda ciniki yake gudana a kasuwannin waya irin su Farm Centre da ke Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village a Ikeja. Wanda ya saya a wata ƙasa zai iya amfani da tsarin wasiƙar, amma maganar doka ta Najeriya ce kaɗai.

Me ya sa sai na rubuta wasiƙa, alhali zan iya zuwa shagon in yi magana baki da baki?

Ka je ka yi maganar, domin sau da yawa a nan ake gamawa, kuma mutunci ya fi so a fara da haka. Amma maganar baki ba ta da kwanan wata, garanti kuwa gaba ɗayansa a kan kwanan wata yake tafiya. Idan ka kai ƙorafi a mako na uku da sayen waya, aka yi ta ja maka rai har wata na huɗu, babu abin da zai nuna cewa matsalar ta faro tun farko sai takardar da ka rubuta aka karɓa. Yaron shagon da ka gaya wa yana iya barin aiki, maigidansa kuma yana iya cewa, da gaskiyarsa, shi bai taɓa jin labarin ba. Wasiƙa tana tabbatar da ranar da ka sanar, da abin da ka ce ya lalace, da abin da ka nema a yi maka, kuma waɗannan su ne duk wanda zai shiga tsakani daga baya zai fara tambaya.

Wa zan rubuta wa, mai shago ko kamfanin da ya ƙera wayar?

Mai shago za ka rubuta wa, domin da shi ka ƙulla ciniki kuma shi ya karɓi kuɗinka. Mutane da yawa suna rikicewa a nan saboda abubuwa biyu ne suke tafiya tare. Akwai garantin kamfani, wanda yake zuwa a rubuce cikin kwali, galibi na shekara ɗaya ga sabuwar waya, kuma cibiyoyin gyara na kamfanin ne suke cika shi. Wayoyin Tecno da Infinix da itel, alal misali, Carlcare ce take kula da garantinsu. Akwai kuma nauyin da yake kan mai sayarwa shi kansa na ya ba ka kaya mai lafiya, wanda ba ya sauka daga wuyansa don kawai kamfani ya buɗe wurin gyara.

Saboda haka idan mai shago ya ce maka, "Mu sayarwa kawai muke yi, ka tafi ofishin kamfani," kada ka ƙi zuwa, domin takardar binciken da cibiyar za ta ba ka hujja ce mai ƙarfi a hannunka. Sai dai ka miƙa masa wasiƙarka tukuna, ka kuma rubuta a ciki cewa zuwanka cibiyar gyara bai janye buƙatarka ta canji ba.

Ina da haƙƙin a canza mini wayar, ko gyara kawai ya wajaba a kansu?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata mutum ya fahimta sosai kafin ya ɗauki biro. Garantin kamfani, a mafi yawan takardun da ake sakawa cikin kwali, alkawarin gyara ne kyauta: za su canza abin da ya lalace a cikin wayar ba tare da sun karɓi kuɗin kaya ko na aiki ba. Ba su cika ba da sabuwar waya ba sai matsalar ta bayyana a kwanakin farko da saye, ko kuwa gyaran ya gagara. Yawan kwanakin nan ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka ka ɗauko taka takardar ka karanta abin da ta ce, kada ka dogara da abin da wani ya gaya maka game da tasa wayar.

Ƙarfin mai saye yana ƙaruwa ne daga dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta shekarar 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye. Sashe na 131 ya ba mai saye haƙƙin samun kaya mai inganci, mai aiki yadda ya kamata, marar aibu. Sashe na 132 kuma ya ce cikin wata uku da karɓar kaya, idan kayan bai cika wannan sharaɗi ba, mai saye zai iya mayar da shi ga wanda ya sayar masa ba tare da an ci shi tara ba, shi kuwa mai sayarwar ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗin da aka biya.

Ka lura cewa hanyoyi uku dokar ta ambata, canji ɗaya ne daga cikinsu. Wannan ya sa bai isa ka rubuta "ina so a canza mini" ka yi shiru ba. Sai ka faɗi dalilin da ya sa canji ne ya dace. Dalilan da suke da nauyi su ne cewa matsalar ta fito da wuri ƙwarai, ko ta shafi fanel, wato babban allon da ke cikin wayar wanda komai yake kansa, ko an riga an gyara sau ɗaya ta sake dawowa, ko tana da haɗari kamar batir da ya kumbura. Wanda wayarsa ta yi wata tara sannan lasifikarta ta daina aiki yana cikin garanti, amma abin da zai samu a zahiri gyara ne, kuma a ganina gara ya nemi gyaran da wa'adi bayyananne da ya ɓata makonni yana jayayyar canji.

Ga mai shago Musulmi akwai wata hujjar da ba baƙuwa ba ce a wurinsa. A fiƙihu, wanda ya sayi kaya sannan ya gano aibin da yake tare da kayan tun kafin ciniki, ba a kuma nuna masa ba, yana da zaɓin mayarwa. Ba lallai ne ka sa wannan a wasiƙa ba, amma idan magana ta kai gaban dattawan kasuwa, kowa a wurin ya san wannan hukunci.

Me zan tanada kafin in fara rubutu?

Abu na farko shi ne rasit, sai katin garanti idan an ba ka, sai kwalin wayar, sai lambar IMEI. Wannan lamba mai alƙaluma 15 ita ce shaidar wayarka ita kaɗai, domin shago ɗaya yana iya sayar da waya iri ɗaya launi ɗaya guda ashirin a mako, kuma babu abin da zai bambanta taka da sauran sai ita. Za ka same ta idan ka danna `*#06#` a wurin buga kira, tana kuma rubuce a jikin kwali. Waya mai layi biyu tana da lamba biyu, sai ka rubuta dukansu. Ka gwada ta jikin kwali da wadda wayar ta nuna da wadda ke kan rasit, idan an rubuta. In suka saɓa, ka faɗi haka a wasiƙar a fili, domin hakan yana nufin ko an yi kuskure wajen haɗa kwali, ko wayar ba sabuwa ba ce kamar yadda aka ce maka.

Bayan haka ka ari wata waya ka ɗauki hoton taka gaba da baya da gefuna huɗu a wuri mai haske, yadda za a ga babu fashewa ko lotsewa, sannan ka ɗauki bidiyon matsalar tana faruwa. Wannan bidiyon yana da amfani musamman ga matsalar da take zuwa tana tafiya, domin irinta takan ƙi fitowa daidai lokacin da ka ajiye wayar a kan kantar mai shago.

Yaya zan gane cewa matsalar daga kamfani take, ba daga hannuna ba?

Garanti ba ya ɗaukar fashewar gilashi, da shigar ruwa, da lalacewar da faɗuwa ta jawo, da wayar da wani mai gyara na waje ya buɗe, da wadda aka yi wa filashin da manhajar da ba tata ba. Mai shago zai fara neman ɗaya daga cikin waɗannan, don haka ya kamata ka riga shi dubawa.

A wayoyi da yawa akwai ɗan farin tambari a cikin ramin da ake zura tiren layi, wanda yake komawa ja ko ruwan hoda idan ruwa ya taɓa shi. Ka zare tiren ka haska ramin da tocila. Idan fari ne ka ɗauki hotonsa. Idan matsalar ta caji ce, ka gwada wata caja da wata igiya masu kyau, ka kuma gwada taka cajar a wata waya, domin ka san ko laifin na caja ne ko na ƙasan cajin wayar. Idan wayar tana maƙalewa ko tana kashe kanta, ka kunna ta a yanayin da ake kira `Safe mode`, wanda yake dakatar da duk manhajojin da kai ka sauke. In matsalar ta tsaya a nan, to wata manhaja ce take jawo ta, kuma cire ta zai wadatar ba sai an yi wasiƙa ba. In kuwa ta ci gaba, har bayan ka kwashe bayananka ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, to alamu sun karkata ga cewa lalacewar a jikin kayan wayar take.

Batir da ya kumbura har ya soma ɗaga murfin baya ko gilashi ba abin gwaji ba ne. Ka kashe wayar, ka daina sa mata caji, kada ka danna kumburin, ka ajiye ta nesa da katifa da labule har ka kai ta.

Yaya zan bayyana matsalar a cikin wasiƙar?

Ka rubuta abin da idonka ya gani da ranar da ka gan shi, ka bar sanadin ga mai bincike. "Wayar ba ta da kyau" ba ta gaya wa kowa komai ba. "Fanel ya ƙone" kuma da'awa ce da za a tambaye ka yadda ka sani, a kuma yi zargin ka kai an buɗe. Abin da ya fi shi ne ka ce wayar tana kashe kanta tana sake kunnawa kamar sau biyar ko shida a yini, ko da batir yana sama da kashi 60, kuma bayanta yana zafi kusa da kyamara ko ba a amfani da ita. Irin wannan bayani kowa zai iya gwadawa ya gani, kuma babu wata ƙofa a cikinsa da za a bi a ƙaryata ka.

Kada ka ƙara gishiri, kada kuma ka ɓoye abin da za a gano. Idan wayar tana da ɗan karce a gefe, ka ambace shi da kanka, domin idan mai shago ne ya fara nuna shi zai yi kama da abin da ka so rufewa.

Ko za a nuna mini yadda cikakkiyar wasiƙar take?

A ɗauka mutum ya sayi sabuwar waya ranar 3 ga Maris a kan naira 185,000, ta soma kashe kanta ranar 24 ga watan, ya je shago ranar 26 aka ce ya dawo, bai samu wata tsayayyar magana ba, sai ya rubuta ranar 8 ga Afrilu. A saman takarda zai sa adireshinsa da lambar da za a same shi da kwanan wata, a ƙasa da su sunan shagon da lambarsa da kasuwar da yake. Sai ya ci gaba kamar haka:

> Assalamu alaikum, Alhaji.
>
> KOKE KAN WAYAR DA TA SAMU MATSALA CIKIN GARANTI DA NEMAN CANJI
>
> Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai cewa ranar 3 ga Maris na sayi sabuwar waya a shagonka a kan naira 185,000. Sunan wayar da samfurinta da launinta da lambobinta na IMEI guda biyu suna rubuce a ƙasan wannan takarda, tare da lambar rasit ɗin da aka ba ni. Wayar tana da garantin shekara ɗaya.
>
> Tun ranar 24 ga Maris, wato mako uku da saye, wayar take kashe kanta tana sake kunnawa sau biyar zuwa shida a yini ko da akwai caji, kuma bayanta yana zafi ko ba a amfani da ita. Na gwada ta da wata caja, na kuma goge komai na mayar da ita yadda ta zo, amma matsalar ba ta daina ba. Wayar ba ta faɗi ba, ruwa bai taɓa ta ba, kuma babu mai gyaran da ya buɗe ta.
>
> Na zo shago ranar 26 ga Maris na yi wa yaronka bayani, ya ce in dawo, kuma har yau ban samu amsa ba.
>
> Tunda matsalar ta bayyana cikin mako uku, kuma ta hana ni amfani da wayar gaba ɗaya, ina roƙon a canza mini ita da sabuwa irinta a kwalinta, bisa garantin da ke kanta da kuma sashe na 132 na dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018. Idan babu irinta a hannu, a mayar mini da kuɗina cikakku. A shirye nake in kawo wayar da kwalinta da cajarta a duk ranar da ka sa, a ba ni takardar shaidar karɓa.
>
> Ina fatan samun amsarka a rubuce kafin ranar 22 ga Afrilu. Idan ranar ta wuce ba mu daidaita ba, zan kai maganar gaban shugabannin kasuwa da hukumar FCCPC, ko da yake na fi so mu gama a tsakaninmu.
>
> Na haɗa da kwafin rasit, da na katin garanti, da hotunan wayar. Bidiyon matsalar yana wurina, zan turo maka ta WhatsApp.
>
> Na gode, Allah ya sa albarka a kasuwa.

Sai ya sa hannu, ya rubuta cikakken sunansa, a ƙarƙashi ya jera bayanan wayar da lambar rasit.

Akwai abubuwan lura a cikin wannan misali. Buƙatar guda ɗaya ce, wato canji, kuma mayar da kuɗi ya shigo ne kawai a matsayin mafita idan canjin ya gagara. Wanda ya jera gyara da canji da kuɗi a layi ɗaya ya ba mai shago damar zaɓar mafi sauƙi a gare shi. An ba da wa'adin mako biyu da takamaiman rana, ba a ce "nan ba da jimawa ba". Wata ukun da doka ta ambata zai cika ne ranar 3 ga Yuni, don haka ko wa'adin 22 ga Afrilu ya wuce babu amsa, mai wayar yana da sauran lokacin ɗaukar mataki na gaba. Kuma babu inda aka kira mai shago macuci ko aka ce ya sayar da jabu, domin sabuwar waya tana iya fitowa daga kamfani da aibu ba tare da sanin mai sayarwa ba, shi ma kuma wannan wasiƙar ce zai nuna wa dilan da ya saro a wurinsa domin a canza masa.

Da Hausa zan rubuta ko da Turanci?

Ka rubuta da harshen da mai shagon zai karanta da kansa ya fahimta. Idan Bahaushe ne, Hausa ta wadatar kuma ta fi shiga zuciya. Idan babban kanti ne mai rassa, ko kana ganin maganar za ta kai ga hukuma, ka tanadi ta Turanci mai ɗauke da bayanai iri ɗaya, ka tabbata ranaku da lambobi ba su saɓa ba tsakanin takardun biyu.

Yaya zan isar da ita yadda ba za a ce ba a gani ba?

Ka buga kwafi biyu ka kai da hannunka, ka ba da ɗaya, ka roƙi wanda ya karɓa ya rubuta sunansa da kwanan wata ya sa hannu a kan ɗayan, ya buga hatimin shago idan akwai. Yana da kyau ka tafi da mutum ɗaya da zai shaida. Idan suka ƙi sa hannu, kada ka tsaya cacar baki a gaban masu ciniki. Ka ɗauki hoton wasiƙar ka tura wa lambar shagon ta WhatsApp a ranar, tare da gajeren saƙo cewa ga takardar da ka kawo yau, sannan ka adana hoton saƙon. Asalin rasit da katin garanti su zauna a wurinka, kwafinsu kawai za ka bayar.

Mai shago ya ce in bar wayar a duba ta. In bari?

Yana da haƙƙin ya duba kafin ya canza, don haka ka bari, amma da takarda. Takardar ta ƙunshi ranar da aka karɓa, da lambar IMEI, da abubuwan da ka haɗa da su kamar kwali da caja, da halin da jikin wayar yake ciki, wato gilashi lafiya, babu alamar ruwa, da ranar da za a ba ka amsa. Rashin wannan takarda shi ne yake jawo rigimar da ta fi kowace wuyar warwarewa, inda mutum zai ba da waya lafiyayyen jiki, bayan mako biyu a ce masa an ga alamar ruwa ko tsagewa, kuma babu mai iya cewa a hannun wa abin ya faru.

Kafin ka miƙa, ka kwashe hotuna da lambobi da saƙonninka, ka cire layukanka da katin ajiya, ka fita daga manhajojin banki, ka cire asusunka na Google daga wayar sannan ka goge ta. Idan aka goge wayar asusun yana ciki, za ta iya kullewa ta nemi kalmar sirrinka, kuma hakan yakan jinkirta bincike da canji. Ka kuma faɗa a fili, a rubuta a takardar, cewa ba ka yarda a ba mai gyaran kasuwa ya buɗe ta ba, sai cibiyar da kamfani ya amince da ita, domin idan yaron shago ya kai ta teburin gyara na maƙwabta aka ɓalle murfi, garantin kamfani ya tafi ko da ba kai ka kai ta ba.

Na riga na kai wa mai gyara ya buɗe kafin in san haka. Shi ke nan na rasa?

Matsayinka ya yi rauni ƙwarai, kuma mai yiwuwa cibiyar kamfani ta ƙi karɓar wayar kyauta, domin masu bincike suna gane wayar da aka buɗe daga gam ɗin murfi da kusoshi da tambarin da ake liƙawa a kansu. Duk da haka kana iya rubuta wasiƙar, ka faɗi gaskiyar abin da ya faru, da ranar da matsalar ta fara, da duk wata shaida cewa ta riga buɗewar, kamar saƙon da ka tura wa shagon ko bidiyon da ka ɗauka tun farko. Abin da za ka nema a nan sulhu ne, kamar a raba kuɗin gyara ko a karɓi wayar ka yi ciko a ba ka wata.

Rasit ɗina ya ɓace, ko an rubuta a kansa cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Ina mafita?

Idan rasit ya ɓace, shaidar tura kuɗi ta banki ko takardar POS tana nuna ranar da adadin da sunan wanda ya karɓa, kuma shagon da yake da littafin rasit yana da kwafin naka a ciki, sai ka roƙi a duba ranar. Ka ambaci wannan a wasiƙar maimakon lambar rasit.

Rubutun da ke cewa ba a mayar da kaya kuwa yana da ma'ana ga wanda ya sayi lafiyayyar waya sannan ya canza ra'ayi saboda launi ko girma. Ba ya shafe haƙƙin wanda aka sayar wa kaya mai aibu, domin dokar 2018 ta hana mai sayarwa gindaya sharaɗin da zai raba mai saye da haƙƙin da ta ba shi. Waya ta hannu, wadda ake kira sakan ko 'yar Landan, tata maganar daban ce: galibi garantin kamfaninta ya riga ya ƙare, abin da aka fi dogara da shi shi ne kwanakin gwajin da mai shago ya yi alkawari, kuma wannan alkawari yana da ƙarfi ne gwargwadon yadda aka rubuta shi a kan rasit.

Wa'adin ya cika, bai amsa ba, ko ya ƙi. Sai me?

Ka tura gajeriyar tunatarwa mai ambaton ranar wasiƙar farko, ka ƙara masa kwana bakwai. In bai motsa ba, ka kai kwafin takardunka ofishin ƙungiyar 'yan kasuwar, domin manyan kasuwannin waya suna da shugabannin da suke sasanta irin wannan rigima, kuma ɗan kasuwa yana jin nauyin a kira shi gaban abokan sana'arsa fiye da yadda yake jin wasiƙa daga nesa. Idan nan ma ba a daidaita ba, FCCPC tana karɓar koke ta shafinta na intanet da ofisoshinta, wasu jihohi kuma, ciki har da Kano da Legas, suna da nasu hukumomin kare masu saye da kotunan ƙananan ƙararrakin kuɗi inda mutum zai iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba. Duk inda ka je, abin da za a nema shi ne rasit, da wasiƙar da aka sa wa hannu, da hotuna, da takardar binciken cibiyar gyara idan ka samu.

Ina ba da shawarar a guji wallafa sunan shago a kafofin sada zumunta ana kiransa ɓarawo tun ana tsakiyar magana. Hakan yakan rufe ƙofar sulhu, yana kuma iya juya maganar daga wayarka zuwa ƙarar ɓata suna.

An yarda an canza mini. Me zan duba kafin in bar shagon?

Ka tabbata kwalin a rufe yake da liƙinsa na asali, a kuma buɗe shi a gabanka. Ka danna `*#06#` ka gwada lambar da ta jikin kwali, ka duba samfurin da girman ma'ajiyar wayar sun yi daidai da na wadda ka mayar, domin waya mai suna ɗaya takan zo da ma'ajiya iri biyu ko uku, farashinsu kuma ba ɗaya ba ne. Ka sa layinka ka yi kira, ka gwada caji da kyamara da lasifika, ka shafa kowane ɓangare na gilashin ka ga yana amsawa. Daga nan ka nemi a rubuta maka sabon rasit, ko a ƙara a bayan tsohon, mai ɗauke da sabuwar lambar IMEI da ranar canji da sa hannun mai shago, a kuma rubuta ranar da garantin wannan sabuwar wayar zai ƙare, domin wasu suna lissafa shi daga ranar sayen farko, wasu daga ranar canji.